Amsoshin tambayoyinku: baƙon da ba ya cin abin da muke ci

"Ina da masauki mai ɗaki 12 da ma'aikata 6. Baƙina sun fara yawa: masu zuwa taro a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, masu jinya a asibitin koyarwa, har da Indiyawa da ke aiki wajen Kalambaina. Me zan faɗa wa yarana kan tarbarsu da abincinsu, kuma me ya kamata in saya?" Mai masauki, Mabera, Sakkwato.

Alhaji, tara su gaba ɗaya da safe kafin aiki ya kankama, har da mai gadi da mai wanke-wanke, domin mai gadi ne baƙo yake fara gani. Abu na farko, kada kowa ya tambayi baƙo addininsa, kada kuma ya yi masa hukunci da suna ko sutura. Akwai Ishaku da Hannatu da suka zo daga Zuru, Hausa a bakinsu kamar ruwa, kuma Kiristoci ne. Akwai Bayarabe cikin kwat da yake neman alƙibla tun kafin ya ajiye jaka. "Barka da zuwa, sannu da hanya" ta ishi kowa. Wanda ya yi sallama a amsa masa cikakkiya. Wanda ya ce shi Fada ne, ko Fasto, ko Dakta, a kira shi da haka. Makulli da ruwa da faranti kuma da hannun dama ake miƙa su, wannan mun yi tarayya da Yarabawa da Ibo da Indiyawa duka.

Gaisuwa ke nan, ba ta da wuya. Inda nake so ka kasa kunne shi ne kicin.

Na taɓa zama a wani gidan abinci a garin nan, wani baƙo ya ce ba ya cin nama. Ina kallo yaron ya koma ciki, ya tsame tsoka biyu daga kan dafa-duka, ya dawo da farantin yana cewa "babu nama, yallaɓai." Shinkafar nan da romon sa aka dafa ta tun daga tushe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mu da muke juya gwangwani muna neman tambarin halal idan muka je ƙasar wasu, da wane ido za mu kalli wanda ya tsame mana naman alade daga miya ya ce mu ci? Wannan ha'inci ne, daidai yake da tauye mudu, kuma yawancin yaran da ke yin sa ba mugunta ce ke sa su ba, tsoron cewa "babu" ne kada maigida ya yi faɗa. Don haka kai ne za ka cire musu wannan tsoron. Faɗa musu a fili cewa duk wanda ya ce wa baƙo "ban sani ba, bari in tambayi mai girki" ya yi daidai, wanda kuwa ya yi rantsuwa a kan tukunyar da bai ga lokacin da aka ɗora ta ba, shi ne mai laifi.

Ka koya musu tambaya ɗaya da za a yi wa kowane baƙo, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba: "Akwai abin da ba ka ci?" Idan ya ce nama, kada a tsaya nan, domin a bakinmu kaza ba ta cika shiga lissafin nama ba. A bi shi ɗaya-ɗaya: kaza fa? Kifi fa? Ƙwai fa? A rubuta amsar a takarda tare da lambar ɗaki, a manna a bangon kicin.

Ga misali. A ce ranar Juma'a ce cikin azumin Kiristoci na kwana 40 da ke gabatar Ista, kana da baƙi 20. Uku 'yan Katolika ne. Su a Larabar Toka, wato ranar da suke fara azumin, da Juma'o'in wannan azumi ba sa cin naman dabba ko na tsuntsu, amma kifi ya halatta musu. Biyu Indiyawa ne mabiya Hindu. Ɗaya naman shanu kaɗai yake gudu, ɗayan ba ya cin nama, ba kifi, ba ƙwai, amma yana shan nono yana cin man shanu. Ba sai ka yi girki uku ba. A dafa farar shinkafa da ruwa da gishiri kawai. A soya miyar tumatir da tattasai da albasa a tukunya mai tsabta, a ɗebi kason mutum biyar a ajiye gefe kafin romo ko nama ya shiga, sannan a ƙarasa ta sauran yadda aka saba. Kifin mutum huɗu a soya shi a sabon mai, na biyar kuma a haɗa masa da wake ko awara. Shi ke nan.

Inda ake faɗuwa shi ne ƙananan abubuwa. Dunƙule mai ɗanɗanon kaza ko na jatan lande, a karanta jikin takardarsa, in an yi shakka a bar shi, daddawar kalwa da albasa sun wadatar. Alale sau da yawa da kifi ko ƙwai a cikinsa. Ƙosai da dankali kan shiga man da aka soya nama jiya, kuma wanda bai saba cin nama ba yana jin ƙarninsa tun a lomar farko. Sai ludayi ɗaya da ke yawo daga wannan tukunya zuwa waccan.

Abin saye kuwa kaɗan ne: tukunya madaidaiciya, kaskon suya, ludayi biyu, wuƙa, katakon yanka. Ka shiga Babbar Kasuwa ka saye su, ka shafa wa mariƙinsu koren fenti, kada nama ya taɓa su har abada. Kada wani ya ruɗe ka da miyar kwalba ta ƙasar waje wadda ta shekara a kanta cikin zafin Sakkwato, ko ya ce sai ka ɗauko kuku daga Abuja.

"Ina aikin tarbar baƙi. Ba na gaisawa da maza da hannu, amma ina tsoron kada baƙo ya ji na wulaƙanta shi, a kore ni." Wata 'yar'uwa, Arkilla.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba ki yi laifin komai ba. Ki riga shi gaisuwa: tun yana nesa ki ɗora hannun dama a ƙirji, ki ɗan rusuna, ki ce barka da zuwa da sakin fuska. Yawancin mutane da sun ga haka ba za su miƙo hannu ba. In ya riga ya miƙo, kada ki ja da baya kamar kin ga wuta, ki ce masa a al'adarmu haka muke gaisuwa, ki wuce kai tsaye ga tambayar hanya da gajiya. Ki kuma sanar da manajanku tun yau, don ya san matsayinki kafin wani ya kai ƙara. Abokan aikinki maza su ma kada su fara miƙa wa baƙuwa hannu.

"Da azumin Ramadan, in rufe kicin da rana? Ai duk wanda ya zo Sakkwato ya san inda ya zo." Wani manaja, Gawon Nama.

Haba Malam! Ka karɓi kuɗin ɗakin mutum, sannan ka bar shi da yunwa har magariba? Cikin baƙinka akwai wanda ba Musulmi ba, akwai matafiyi da mara lafiya da shari'a ta yi wa rangwame, akwai mai ciwon suga da dole ya ci kafin ya sha magani. Ka bar mai girki ɗaya da abinci kala ɗaya ko biyu, a kai ɗaki a rufe, kuma kada in ji wani yaro ya tambayi baƙo me ya hana shi azumi. Masu azumi kuma a tambaye su tun da dare ko a buga musu ƙofa da sahur.