Wasiƙar neman izinin sauya kayan da ke jikin 'yar talla a hoto

Tambaya: Ina da shagon atamfa a Garwa. Na biya wata 'yar talla aka ɗauke ta hoto sanye da leshi, yanzu ina so a mayar da kayan su zama sabuwar atamfata ta hanyar kwamfuta. Yaya zan rubuta mata wasiƙar neman izini?

Amsa: Malam, kuɗin da ka biya na hoton da aka ɗauka ne a yadda yake, don haka sauya kayan jikinta sabuwar magana ce da ke buƙatar amincewarta a rubuce. Kafin ka tura wasiƙar, sa mai gyaran hoto ya yi samfuri guda ka haɗa da ita, domin gardama ta fi tasowa a kan wuyan riga, tsawon hannu da ɗaurin ɗankwali, musamman idan sabon ɗinkin ya bayyana abin da ita ta rufe.

Ga yadda za ka rubuta:

"Malama, bayan gaisuwa, ina neman izininki na sauya leshin da ke jikinki a hotuna uku da aka ɗauka a shagona zuwa atamfar da ke cikin samfurin nan. Ba za a taɓa fuskarki, launin fatarki ko siffar jikinki ba. Za a yi amfani da hotunan a allon shagona da shafukana na sada zumunta na tsawon wata shida, kuma zan ƙara miki sefa dubu goma sha biyar. Idan kin amince, ki sa hannu a ƙasa tare da kwanan wata."

Ka nemi yardar mai ɗaukar hoton ma, domin sau da yawa haƙƙin mallakar hoton yana hannunsa. Idan ta fi karanta Faransanci, a ba ta kwafi da shi, kowa ya riƙe nasa.