Jijiyoyin tsokokin ido: LR6 SO4 da abin da ya biyo baya

"Ina aji biyu a nan Katsina. Na haddace LR6 SO4, amma da an kawo tambayar majiyyaci sai in rikice. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, ka tambayi kanka wace tsoka ce har yanzu take da ƙarfi, don ita za ta ja idon zuwa ɓangarenta. Tsokoki shida ke juya ido: LR, wato lateral rectus, tana kai ido waje da jijiya ta 6, SO, wato superior oblique, tana saukar da shi da ta 4, sauran huɗun na ta 3 ne. Ɗauki idon dama da ya koma ƙasa da waje, fatarsa ta sauko ta rufe shi. Wa ya rage yana ja? LR da SO. Ke nan ta 3 ce ta mutu. In kuwa ya karkato wajen hanci, ta 6 ce.

Ta 4 ta fi wuyar ganewa, don aikin SO na saukar da ido ya fi fitowa idan idon na duban hanci. Shi ya sa majiyyacin ke ganin abu biyu-biyu wajen karatu ko saukowa daga bene. Ka kuma kula, malamai na son wannan tarkon: ɗaga fatar ido aikin ta 3 ne, amma runtse shi na ta 7 ne, haddarka ba ta ɗauko shi ba.