Yarona ya warware, in daina ba shi maganin?

"Likita ya rubuta wa yarona amoksisilin na kwana biyar saboda ciwon huhu. Yau kwana biyu zazzaɓi ya sauka. In ajiye sauran saboda gaba?"

A'a Maman Abba, ki cika masa kwana biyar ɗin, kuma kan lokaci. Zazzaɓi yana sauka ne da zarar ƙwayoyin cutar sun ragu, amma da sauransu a huhu. Kin daina yanzu, za su iya farfaɗowa. Ruwan maganin nan kuma, tunda an riga an haɗa shi da ruwa, ba ya wuce sati ɗaya zuwa biyu, balle a zafin Kano ba firji.

Na san tsadar magani ce ke sa mu ɓoye ragowa. Na ga haka a gidanmu a Fagge: rabin kwalba a kan kwaba, duk yaron da ya yi tari sai a ɗura masa cokali. Mura ba ta jin wannan magani, sai dai ƙwayoyin cutar da ke jikin yaro su saba da shi. Waɗanda suka gagara kuma suna bin hannu, kofi da bayan gida su kama 'yan'uwa har da maƙwabta. Ranar da ƙanwata ta kwanta da gaske, sai da aka koma allurai. In kin ga ƙuraje, kumburin fuska ko numfashi sama-sama, ki tsayar da maganin, ki mayar da yaron asibiti nan take.