Ina kwano?

"Kawu, barka da hutawa. Wata 3 ke nan muna hira da wata yarinya a waya. Ran nan da safe zan rubuta mata 'ina kwana', sai yatsa ya zame na rubuta 'ina kwano'. Ta ce 'yana wajen wanke-wanke', muka yi ta dariya. Abokina ya ce in riƙe wannan, da irinsa ake shaƙuwa. Tun daga ranar da shi nake gaishe ta, yau kwana 9. Jiya 'hmm' kawai ta turo. Wai sau nawa ake maimaita wasa kafin ya ginshi mutum?"

Ɗana, na yi dariya har Innarku ta leƙo daga ɗaki tana tambayar ko lafiya. Da dariyar ta lafa kuma sai na ɗan damu, don yarinyar nan ta yi haƙuri da kai. Kwana 9! Ni da a rana ta huɗu zan aiko maka da kwanon ka huta.

Bari in ba ka labarin wata laima.

Lokacin da nake neman Innarku, ina sabon malamin makaranta, ba ni da komai sai riga biyu da ji da kai. Wata rana da yamma na je wurinta, hadari ya haɗo. Na ari laimar wani abokin aikina, baƙa, tsohuwa, irin mai lanƙwasasshen mariƙi. Muna tsaye a ƙofar gida aka fara yayyafi. Na danna, ta ƙi buɗewa. Na sake dannawa, shiru. Innarku ta miƙo hannu a hankali ta ce in kawo ta gwada. Ni kuwa na ɗaga kafaɗa, na ce da muryar da nake yi wa 'yan aji magana: "Bari kawai, na san kanta." Na tattara ƙarfina na tunkuɗa. Sai ga saman laimar gaba ɗaya ya fice daga sandarsa, iska ta ɗauke shi, ya haye katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Na tsaya riƙe da sanda tsirara sama da kaina, ruwa na sauka a kan hulata. Har yau ina ganin yadda ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, tana ƙoƙarin kada ta kunyata ni. Daga can bayan katanga wata tsohuwa ta ɗaga murya tana tambayar wa ya jefo mata jemage. Nan ne muka fashe gaba ɗaya.

To ka lura da abin da ya biyo baya. Ba wanda ya ƙara ta da maganar. Na koma washegari, ba ta ce komai ba. Aka yi aure, ba ta ce komai ba. Sai bayan kamar wata 5, rediyona ta fara ƙoƙi-ƙoƙi, na shimfiɗa tabarma na kwance ta kaf, na mayar na ɗaure, sai ga kusoshi 3 sun yi saura a hannuna, rediyo kuma ta yi gum. Innarku ta zo wucewa da tsintsiya, ko kallona ba ta yi ba, ta ce can ƙasa-ƙasa: "Ai ka san kanta." Ta wuce abinta. Na kwanta a tabarmar nan ina dariya har hawaye. Kuma abin da na ji a raina ya fi dariyar: ashe duk watannin nan tana riƙe da yammacin nan, tana jiran wurin da zai dace.

Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa maka. Abin da ke sa tsohon wasa ya ɗaure mutum biyu shi ne yana cewa "na tuna, kuma na san kin tuna, kuma duk duniya ba mai gane wannan sai mu." Amma ta yaya za ka nuna ka tuna abin da ba ka bari aka manta ba ko na yini ɗaya? Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce wasa rijiya ne, in ka ja guga ka bar ta ta tsatso, in ka nace kana zurawa laka za ka kwaso. "Hmm" ɗin nan da ka gani, lakar ce ta fara fitowa.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi tazarar muhimmanci. Ranar rediyo Innarku ba ta ce "ka tuna laimar nan?" ba. Ko sunan laima ba ta ambata ba. Kalmomin ta ɗauko ta ɗora a kan sabon abu, ni na haɗa su da kaina, kuma a wannan haɗawar dariyar take. Kai kuwa wuri ɗaya kake ajiye kwanonka, lokaci ɗaya, da lafazi ɗaya. Ranar farko kuskure ne ya ba ta mamaki. Rana ta tara ta san yana zuwa tun kafin ta buɗe waya, ya zama gaisuwa kawai, gaisuwar da kuma take jin an ɗora mata nauyin yin dariya a kanta.

Da ni ne kai, gobe da safe zan rubuta "ina kwana" daidai, ba bayani, ba neman afuwa. In ka ce mata "na daina wasan kwano tunda ba ki so", ka mai da shi shari'a, ka kashe shi ke nan. Ka bar shi mako 2, ko 3, ko fiye. Wata rana za ta ce maka ta nemi makullinta ko cajar wayarta ta rasa. Nan ne za ka ce, a gajarce, "kin duba wajen wanke-wanke?" Ka ga nata rabin ka ɗauko, amsar da ita ta ƙirƙira. Mutum ya fi jin daɗi a tuna masa abin da shi ya faɗa mai ban dariya fiye da a tuna masa naka. In kuma kana da haƙurin da ya fi haka, jira ita ta fara. Koma saman hirarku ka ƙirga: sau 9 ɗin nan, nawa ne daga wajenta? In duk kai ne, to har yanzu wasanka ne kai kaɗai, ita 'yar kallo ce.

Mu a da muna da fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji manya. Kafin in rufe baki na ga ko wasa ya shiga ko ya faɗi. Ku kun zaɓi ku yi zumunci ta gilashi, kowa na kwance a ɗakinsa shi kaɗai. Wani masani Ba'amurke, Robert Provine, ya bi diddigin dariyar mutane ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 in yana tare da wasu fiye da in shi kaɗai ne. Saboda haka yawancin fuskokin nan masu hawayen dariya da kuke tura wa juna, da busasshiyar fuska ake danna su, ladabi ne kawai. Kada ka auna da su. Ka auna da ko ta ɗora wani abu a kai. In ka ce wajen wanke-wanke ta ce "na duba, kwanon ma ya gudu", wasa na da rai. In hoton dariya kaɗai ya dawo, ta yi maka kara. In aka yi shiru ko aka sauya zance, ka bi ta inda ta nufa.

Ban ɓoye maka ba, ni ma na taɓa kashe namu. Bayan mun yi shekaru, maganar ta gajarce, kamar yadda irin waɗannan suke yi in sun daɗe. Daga "ai ka san kanta" ta koma "kanta" kawai. In ina kokawa da kwaɗon ƙofa sai in ji "kanta" daga tsakar gida. Wata rana abokaina sun zo, keken ɗinkinta ya cije zare, tana ta fama, gumi na zuba, ga kayan mutane da ta yi alkawari. Don in burge baƙi sai na ce da ƙarfi, "Ku bar ta, ta san kanta." Ba wanda ya gane, sai na zauna na ba su labarin laima tun daga farko. Suka yi dariya, amma ita suke kallo. Na yi kuskure biyu a numfashi ɗaya. Wasan nan tun asali ni ne abin dariya a cikinsa, shi ya sa yake da daɗi a bakinta, ni kuma na juya shi a kanta a lokacin da ranta ke ɓace. Sannan na buɗe wa mutane abin da namu ne mu biyu. Ba ta ce uffan ba, ta tattara ɗinkinta ta shige. Kakarka da ta ji labari ta ce mini, "Abin da aka ba ka ajiya a ɗaki ka kai tsakar kasuwa." Magana zarar bunu. Kusan shekara 2 ban ƙara jin kalmar ba, kuma ban isa in ta da ita da kaina ba.

Wannan nake ji muku tsoro, ku da kuke ɗaukar hoton hira ku watsa wa abokai. Shi abokin naka mai ba da shawara, ta ina ya san zancen kwano? Ka nuna masa, ko ba haka ba? Ka yi fatan kada wata rana ya gan ta ya ce mata "ina kwano".

Yadda namu ya dawo kuwa, sai da na kwanta a asibiti aka yi mini aiki. Kwana 2 tana zaune a gefen gado, idonta ya yi ja, ba mai iya cewa komai. Na ga wani ƙarfe a jikin gadon da ake murɗawa a ɗaga wajen kai, na miƙa hannu na murɗa, sai ƙafafuna suka yi sama. Ta dube ni, ta dubi ƙafafun, leɓenta na rawa, ta ce, "Malam, ka san kanta?" Na yi dariya har ɗinkin ya yi zafi, ma'aikaciyar jinya ta shigo tana faɗa. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Amma kada ka ɗauki wannan ka je ka jefa wasa ranar da yarinya ke cikin damuwa. Ita ce ta san na farfaɗo har zan iya ɗauka, kuma a kaina wasan ya sauka, ni mai ciwon. Wata 3 na hira ba su kai ka wannan matsayi ba tukuna.

Sau nawa, ka ce. Ni dai ban taɓa ƙirga namu ba, kuma akwai shekarun da bai fi sau 2 ya fito ba.

In ka shigo ƙarshen mako ka duba mini wayar nan. Na shiga wani wuri don in ƙara girman rubutu, yanzu kalma 3 ke cika fuskarta, na rasa hanyar komawa. Innarku na tsaye a kaina lokacin da abin ya faru. Ba ta ce komai ba, gira kawai ta ɗaga ta wuce.