Likita, yaro ɗan shekara nawa ne zai iya sa hannu a yi masa magani ba iyaye?

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 16 yana makarantar kwana, afendis ya kama shi da dare, aka yi masa tiyata ba a jira ni ba. Hakan daidai ne?

Amsa: Baba Allah ya ƙara masa lafiya. A Najeriya ƙa'idar dai shekara 18 ce, dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce wanda bai kai nan ba yaro ne, shi ya sa takardar tiyata uba ko uwa ko mariƙi ke sa mata hannu. Amma fa imajensi daban ne. Afendis in ya kumbura, ciwon kan fara daga cibiya ya gangaro ƙasan ciki ta dama, ga zazzaɓi ga amai, in aka tsaya jira zai iya fashewa ƙazanta ta watsu cikin ciki, to a irin wannan za a yi ta kiran wayarka, in ba a same ka ba babban likitan da ke wurin shi zai yanke, ya rubuta a fayil ƙarfe nawa aka kira da dalilin da ya hana jira. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana asibiti ƙin karɓar imajensi. Ka je ka nemi a yi maka bayanin abin da ke fayil ɗin, haƙƙinka ne. Da aikin da zai iya jira ne, kamar ƙaba da ba ta shaƙe ba, dole a nemo ka tukuna.

Tambaya: Likita shekarata 17, ina da aure da ciki, sai mijina ya zo za a duba ni?

Amsa: A'a ƙanwata, ki je awo abinki. A aikace yarinya mai aure ko mai ciki ana karɓar yardarta wajen awo da gwajin jini, har na HIV. Inda ake samun tsaiko shi ne tiyatar haihuwa, asibitoci da yawa sai sun nemi babba ya sa hannu, kuma wallahi abin na damuna in ga jini na zuba ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Don Allah tun yanzu ku zauna da shi da mama ku tsayar da wanda zai sa hannu in ba ya nan, a rubuta lambarsa a katin awo.

Tambaya: Muna Ingila, likita ya ga 'yata mai shekara 15 ita kaɗai, ya ƙi faɗa min me suka tattauna.

Amsa: Hajiya can dokarsu ta 1969 ta ba ɗan 16 damar yarda da kansa, ƙasa da haka kuma tun shari'ar Gillick ta 1985 likita zai auna ko ta fahimci maganin da illarsa da abin da zai faru in an bari. In ta fahimta sirrinta ne, sai dai in yana ganin ana cutar da ita. Na san da ciwo, amma ki zaunar da ita cikin laluma, kar ki fara da faɗa.