Ku Tambaya: Sunan Unguwa a Kan Bidiyon Kasuwanci

*"Ina ɗinkin mata a Zango. Bidiyo takwas na sa a YouTube, ko mutum ɗaya bai zo ba. Ko in sayi sabuwar waya ne? Kuɗin adashena ke nan."*

Ƴar uwa, kwantar da hankalinki, ki riƙe kuɗinki. Na duba bidiyonki, hoto tsaf. Amma kin raɗa masa suna "Sabon ɗinki Masha Allah". Injin bincike rubutu yake fara karantawa, kuma ba inda kika gaya masa garin da kike, wato Zinder.

Gurbin take yana ɗaukar harafi 100, amma a waya ƙarshensa yankewa yake, don haka sana'a da wuri su zo a gaba: "Ɗinkin mata a Zango, Zinder Damagaram". Sunayen biyu nake so ki sa, domin ɗan gari Damagaram yake faɗi, mai bincike da Faransanci kuwa Zinder zai rubuta. Kada ki bar sunan unguwa shi kaɗai. Zango da Sabon Gari suna nan birjik a ƙasar Hausa, sai a ɗauka ke ƴar Kano ce ko Zariya. A layin farko na bayani ki yi kwatance irin wanda za ki yi wa ɗan kabu-kabu, ki ambaci masallaci ko kasuwar da ke kusa, sannan lambar shago. A gurbin Video location ki zaɓi Zinder. Gurbin tags, inda ake jera kalmomin bincike, ba shi da ƙarfi sosai, amfaninsa bambancin rubutu ne: Zango, Zengou, couture Zinder. Tsofaffin bidiyon duk ana gyara su, ba sai kin sake ɗauka ba.

*"Wani yaro ya ce in ba shi jaka goma ya kawo mini ƴan kallo dubu biyar, ya kuma sa Niamey, Kano da Dubai a bidiyon kilishina."*

Malam, kar ka ba shi ko dala! Wannan da jabun magani duk kanwar ja ce. Ƴan kallon saye yawanci na'ura ce, YouTube na goge su, yana iya hukunta tasharka ma. Cusa sunan garin da ba ka ciki kuwa yaudara ce a dokarsu, ga asara: wanda ya nemi kilishi a Kano ya faɗo kanka, da ya ga Damagaram zai fice nan take, injin ya lura bidiyon ba ya riƙe mutane. Abin yana ba ni haushi, mutum ya wuni a rana yana shanya nama, yaro ya kwashe ribar da danna waya. In ka riga ka biya, buɗe Analytics, shafin alƙaluman tasharka, ka dubi ƙasashen masu kallo. In Nijar ba ta sama, an cuce ka.

*"Hashtag nawa zan sa? Ɗari ya isa?"*

Haba dai. In suka wuce 60, YouTube watsi yake da su duka. Uku sun wadatar, #Zinder da #Damagaram da sunan sana'arka.