Flutter ko a rubuta wa kowace waya tata manhajar?

Tambaya: Mu uku ne, muna so mu gina manhajar sayar da kaya. Mu ɗauki Flutter ne, ko mu rubuta Kotlin na Android da Swift na iPhone daban-daban?

Amsa: Da ni ne ku, Flutter zan ɗauka. Idan manhajarku jerin kaya ce da kwandon saye da biyan kuɗi, rubutu ɗaya da Dart, harshen Flutter, ya ishe ku, ya hau Android ya hau iPhone. In kuka raba, kowane gyara sau biyu za ku yi shi, ranar da mai Swift ya kwanta ciwo kuwa, rabin aikin ya tsaya.

Amma fa akwai inda yake cizo. Duk abin da ya shafi cikin wayar kanta, kamar haɗa na'urar buga rasit ta Bluetooth, galibi sai ta hanyar kunshin da wani ya rubuta. Kafin ku fara, ku shiga pub.dev, shafin da ake ajiye irin wannan kunshin, ku duba yaushe aka sabunta shi. In ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, ku sani da hannunku za ku rubuta wannan ɓangaren da Kotlin da Swift.

Sannan Flutter bai raba ku da buƙatar Mac ba, domin sai da Xcode, manhajar Apple da ke aiki a Mac kaɗai, ake haɗa ta iPhone.